Yadda Ake Lissafa Wa'adin Biya da Rangwamen Biya da Wuri a Takardar Inbois

Inbois ita ce takardar da mai sayarwa ke rubuta wa mai saye bayan an ƙulla ciniki, tana ɗauke da sunan kaya, da yawansu, da farashinsu, da jimillar kuɗin da ake bi. Ta bambanta da rasit, domin rasit shaida ce cewa an riga an biya, ita kuwa inbois neman biya ce. Idan cinikin na bashi ne, kamar yadda kamfanoni ke ba dilolinsu kaya su biya daga baya, akan sami wani ɗan gajeren rubutu a saman takardar ko a ƙasanta, wanda bai fi kalma uku ko huɗu ba. Wannan rubutu shi ke faɗin ranar da bashin zai cika, da kuma ko akwai rangwame ga wanda ya biya kafin ranar. Wanda ya fi yaɗuwa a cikinsu shi ne `2/10, net 30`.

Lambobi uku ne a ciki, kowace da aikinta. Ta farko, wato 2, ita ce yawan rangwamen, kashi 2 cikin 100. Ta biyu, wato 10, ita ce kwanakin da rangwamen zai yi yana aiki. Ta uku, wadda ke bin kalmar `net`, ita ce wa'adin ƙarshe. Ma'anar gaba ɗaya ita ce wanda ya biya cikin kwana 10 zai rage kashi 2 cikin 100, wanda kuma bai yi haka ba zai biya kuɗin cif cikin kwana 30. Wasu kamfanoni kan taƙaita su rubuta `n/30`, ma'anar ɗaya ce. Idan aka ga `net 30` ita kaɗai, babu wata lamba a gabanta, to babu rangwame, wa'adi ne kawai.

Za a bi misali guda har ƙarshen bayanin nan. Wani dila a Kano ya sayi katan 400 na sabulu daga wani kamfani a Legas, kowane katan a kan naira 12,500. An rubuta inbois ranar Talata, 18 ga Maris, 2025, da sharaɗin `2/10, net 30`.

Ƙirgen kwanaki

Ƙirge yana farawa daga kwanan watan da ke kan takardar, sai fa idan an rubuta wani abu daban. Ranar da aka rubuta takardar ba ta shiga cikin ƙirge. Washegarinta ce rana ta ɗaya. Saboda haka 19 ga Maris ita ce rana ta ɗaya, 28 ga Maris kuma ita ce ta goma, kuma ita ce ranar ƙarshe ta samun rangwame. Wanda ya fara ƙirge daga 18 ga wata zai tsaya a 27, ya tauye wa kansa kwana guda. Wannan kuskure ba shi da wata illa sosai, tun da biya da wuri ba ya jawo tara. Wanda ya fi shi muni shi ne na mai fara ƙirge daga ranar da takardar ta iso hannunsa. Idan inbois ta kwana huɗu a hannun direba kafin ta iso Kano, kwana huɗun nan sun riga sun fita daga cikin goman.

Wa'adin kwana 30 yakan tsallaka zuwa wani wata, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Hanyar da ba ta ɓata lissafi ita ce a fara duba kwanakin da suka rage a watan da ake ciki. Maris yana da kwana 31, idan aka cire 18 saura 13. A cire 13 daga 30, saura 17. Ranar cikar wa'adi ita ce 17 ga Afrilu, wadda ta faɗo ranar Alhamis a 2025. Mutane da yawa kan ɗauka kwana 30 wata ɗaya ne, su ce daga 18 ga Maris sai 18 ga Afrilu. Wannan yana yin daidai ne kawai idan watan da aka fara ƙirge a cikinsa mai kwana 30 ne, wato Afrilu, Yuni, Satumba ko Nuwamba. A watanni masu kwana 31 mai wannan zato zai makara da kwana ɗaya.

Fabrairu ya fi kowane wata rikita mutane. Takardar da aka rubuta 10 ga Fabrairu, 2025, da wa'adin kwana 30, tana cika ne 12 ga Maris, domin kwana 18 suka rage a Fabrairu, sai a ɗauko 12 daga Maris. Da a 2024 ne, shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29, da ta cika 11 ga Maris. Idan wa'adin ya fi tsawo, haka ake ci gaba da cire wata bayan wata. Da takardar dilan Kano `net 60` ce, sai a cire 13 na Maris, a cire 30 na Afrilu, saura 17, wato 17 ga Mayu.

Wannan rana ta 17 ga Mayu, 2025, Asabar ce, kuma ta kawo wata tambaya. Kwanakin da ake ƙirgawa na kalanda ne, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, sai idan takardar ta fito fili ta ce ranakun aiki take nufi. To idan ranar ƙarshe ta faɗo a ranar da ofis ke rufe fa? Kamfanoni da yawa kan karɓi biya a ranar aiki ta gaba ba tare da sun ɗauke shi a makara ba. Amma wannan al'ada ce, wani kamfani yana bin ta, wani ba ya bi, musamman yanzu da ake iya tura kuɗi ta waya ko da tsakar daren Lahadi ne. Idan yarjejeniya ba ta ambaci komai ba, abin da ya fi aminci shi ne a biya ranar Juma'ar da ta gabata. Hutun Sallah yana buƙatar ƙarin lura, domin ranarsa tana rataye da ganin wata, ba a tabbatar da ita sai dab da lokaci.

Akwai kuma yadda ake rubuta kwanan watan kansa. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa sannan wata, don haka 04/03/2025 tana nufin 4 ga Maris. A Amurka wata ake fara sawa, rubutun nan ɗaya sai ya zama 3 ga Afrilu. Takardar da ta fito daga ƙetare, ko daga manhajar da ba a gyara mata tsari ba, tana iya karkatar da wa'adi da kusan wata guda ta wannan hanya.

Idan ƙirge bai fara daga ranar takarda ba

Wasu haruffa kan biyo bayan lambobin, kuma aikinsu shi ne su sauya ranar da ƙirge ke farawa. Biyu ne suka fi yawa.

Na farko shi ne `EOM`, wanda ke nufin ƙarshen wata. Idan an rubuta `2/10, net 30 EOM`, ana jira watan da aka rubuta takardar ya ƙare, sannan a fara ƙirge. Ga dilan Kano, ƙirge zai tashi daga 31 ga Maris. Rangwame zai kai 10 ga Afrilu, wa'adin ƙarshe kuma 30 ga Afrilu. Kamfanonin da ke aika wa dila ɗaya kaya sau da yawa a wata suna son wannan tsari, domin duk takardun watan sukan cika rana ɗaya, a biya su a dunƙule. Sai dai tsarin yana fifita wanda ya sayi kaya a farkon wata. Takardar 2 ga Maris da ta 30 ga Maris duka za su cika 30 ga Afrilu, ta farko ta sami kwana 59, ta biyu kwana 31 kacal. Don rage wannan gibi ne wasu kamfanoni ke ɗaukar takardar da aka rubuta daga 26 ga wata zuwa sama tamkar ta watan gaba ce. Ba kowa ke yin haka ba, saboda haka dila ba zai gina lissafinsa a kai ba sai ya gan shi a rubuce. A nan ma kwana 30 ba wata ba ne. Takardar Janairu, 2025, mai `net 30 EOM` tana cika 2 ga Maris, domin Fabrairu bai kai kwana 30 ba.

Na biyu shi ne `ROG`, wato ƙirge yana farawa daga ranar da kaya suka iso hannun mai saye. Ana amfani da shi inda hanya take da nisa ko kaya ke daɗewa kafin su iso. Idan motar sabulun ta sauke kaya ranar Litinin, 24 ga Maris, rangwame zai kai 3 ga Afrilu, wa'adin ƙarshe kuma 23 ga Afrilu. Duk lissafin ya rataya ne a kan ranar da aka sa hannu a webil, don haka wanda ya karɓi kaya a sito ya sa hannu bai rubuta kwanan wata ba ya bar ƙofar gardama a buɗe.

'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram, da duk mai hulɗa da takardun Faransanci, sukan haɗu da irin wannan sharaɗi da wata siga. Rangwamen biya da wuri ana rubuta shi `escompte`, wa'adin ƙarshen wata kuma yakan zo kamar `45 jours fin de mois`. Wannan jimla hanya biyu ake lissafa ta, kuma dukansu sanannu ne. Ana iya ƙara kwana 45 a kan ranar takarda sannan a tafi ƙarshen watan da aka faɗa. Daga 18 ga Maris za a faɗa 2 ga Mayu, wa'adi ya zama 31 ga Mayu. Ana kuma iya zuwa ƙarshen Maris tukuna sannan a ƙara 45, a sami 15 ga Mayu. Kwana 16 ne tsakanin amsoshin biyu, kuma kowane ɓangare zai iya rantsewa shi ne mai gaskiya. Maganin abin shi ne a rubuta ainihin ranar biya a jikin takardar, da lamba da sunan wata.

A kan wane kuɗi ake cire rangwame

Sanin ranar rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin adadin da za a cire wa kashi 2 ɗin, domin jimillar da ke ƙasan takarda ba kasafai take zama shi ba.

Katan 400 a kan naira 12,500 sun kama naira 5,000,000. Kamfanin ya yi wa dilan ragin sari na kashi 4 cikin 100, wato naira 200,000, kuɗin kaya ya koma naira 4,800,000. Ragin sari daban yake da rangwamen biya da wuri. Shi ragin sari ana samun sa ne saboda yawan kayan da aka ɗauka ko matsayin dilanci, kuma an riga an cire shi a jikin takarda, ko an biya yau ko an biya bayan wata. Rangwamen biya da wuri kuwa sharaɗi ne da ke jiran a cika shi, kuma ana lissafa shi a kan abin da ya rage bayan ragin sari. Ba a haɗa 4 da 2 a ce 6 a cire lokaci guda.

Da kayan suka iso, aka tarar katan 20 sun jiƙe a hanya, aka mayar da su. Farashin katan bayan ragin sari naira 12,000 ne, don haka kamfani ya aiko da takardar rage bashi ta naira 240,000. Kuɗin kayan da dilan ya riƙe ya zama naira 4,560,000. Akwai kuma kuɗin mota, naira 150,000, wanda kamfanin ya biya wa dilan ya sa a cikin inbois. Jimillar bashin ke nan naira 4,710,000.

Rangwame yana kan kuɗin kaya ne kaɗai. Kayan da aka mayar ba a yi musu rangwame, tun da ba a biya su ba. Kuɗin mota ma bisa al'ada ba ya shiga, domin kuɗi ne da kamfanin ya fitar daga aljihunsa ya ba mai mota, ba shi da riba a ciki balle ya rage. Kashi 2 cikin 100 na naira 4,560,000 shi ne naira 91,200. A cire shi, saura naira 4,468,800. A mayar da kuɗin mota a kai, abin da dilan zai tura daga nan zuwa 28 ga Maris shi ne naira 4,618,800. Idan ranar ta wuce, zai biya naira 4,710,000 zuwa 17 ga Afrilu.

Wanda ya cire kashi 2 daga jimillar naira 4,710,000 zai sami naira 94,200, ya zarce da naira 3,000. Wanda ya lissafa a kan ainihin naira miliyan 5 zai cire 100,000, ya zarce da naira 8,800. Kuɗin ba su da yawa idan aka kwatanta da cinikin, amma ba sa ɓacewa. Sukan zauna a asusun dilan a littafin kamfani a matsayin ragowar bashi, wata bayan wata, har ranar da aka zauna daidaita lissafi kowa ya rasa daga ina suka fito.

An ajiye haraji a gefe a misalin nan don kada lambobi su yi yawa, amma a takarda ta gaske yana nan a layinsa, an rubuta `VAT` a Najeriya, `TVA` a Nijar. A Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020. A kan kayan naira 4,560,000 zai kama naira 342,000. Wannan kuɗin gwamnati ne, kamfani karɓa kawai yake yi ya miƙa. Idan dila ya cire kashi 2 daga jimillar da ta haɗa da haraji, ya rage naira 6,840 daga kuɗin da kamfanin ya rubuta zai kai wa hukuma. Ƙasashe sun bambanta a kan ko haraji yana raguwa idan an ci rangwame. Abin da ke hannun mai saye shi ne ya lissafa rangwamensa a kan kuɗin kaya kafin haraji, ya biya harajin yadda yake a takarda, sai idan mai sayarwa ya ba shi gyararriyar takarda mai sabon adadi.

Wani lokaci rangwamen hawa biyu ne, kamar `2/10, 1/20, net 30`. Duka kwanakin daga ranar takarda ake ƙirga su, ba a ɗora 20 a kan 10. Ga takardar 18 ga Maris, kashi 2 yana aiki zuwa 28 ga Maris, kashi 1 daga 29 ga Maris zuwa 7 ga Afrilu, wanda a misalin nan ya kama naira 45,600. Daga 8 ga Afrilu babu sauran ragi.

Biyan wani ɓangare

Yakan faru kuɗin dila bai kai ya biya duka cikin kwana goman ba. Wasu kamfanoni suna ba da rangwame a kan ɓangaren da aka biya, wasu kuma sai an biya takardar baki ɗaya. Wannan abin tambaya ne kafin a tura kuɗi. Inda aka yarda, lissafin yana da wata 'yar dabara da ke kuɓuce wa har wasu akawu.

A ce dilan ya tura naira 2,940,000 ranar 27 ga Maris. A cikin kwanakin rangwame, kowace naira 98 tana goge bashin naira 100. Tambayar ke nan ita ce bashin nawa ne idan aka rage masa kashi 2 zai koma naira 2,940,000. Ana samun amsa ta hanyar raba kuɗin da aka biya da 0.98, wanda ya ba da naira 3,000,000. Rangwamen da ya ci naira 60,000 ne. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ɗauki kashi 2 na kuɗin da aka tura, wato naira 58,800, a ƙara a kai, a sami naira 2,998,800. Hakan ya tauye dilan da naira 1,200, domin an lissafa rangwame a kan kuɗin da aka riga aka rage. Bayan wannan biya, saura naira 1,560,000 na kaya da naira 150,000 na mota, jimilla naira 1,710,000, kuma wa'adinsu yana nan 17 ga Afrilu.

Nauyin kashi 2

A ido kashi 2 cikin 100 ƙaramin abu ne, kuma dila mai juya kuɗi yakan ga gara ya riƙe kuɗinsa har ƙarshen wa'adi. Auna abin daidai yana buƙatar a duba me ake samu a madadin rangwamen da aka bari. Dilan da ya ƙi biya ranar 28 ga Maris ya riƙe naira 4,468,800 na kuɗin kaya zuwa 17 ga Afrilu, wato kwana 20, ba 30 ba, tun da goman farko kyauta ne ko ya ci rangwame ko bai ci ba. Ladan wannan riƙo shi ne naira 91,200. Idan aka raba 91,200 da 4,468,800 za a sami kashi 2.04 cikin 100. Shekara tana ɗauke da kwana 20 sau 18.25. A ninka su, a sami kimanin kashi 37 cikin 100 a shekara. A taƙaice tsarin lissafin shi ne:

```
2/98 × 365/20 = 0.372
```

Sauya lamba ɗaya yana sauya amsar sosai. A `1/10, net 30` abin bai wuce kashi 18.4 a shekara ba. A `2/10, net 60`, inda mai saye ke samun ƙarin kwana 50, ya sauko zuwa kashi 14.9. Wato tsawon tazarar da ke tsakanin ranakun biyu yana da nauyi kamar yawan rangwamen kansa.

Da wannan adadi ne ake kwatanta sauran hanyoyin da ke gaban dila. A ce zai iya samun kuɗi daga wani wuri a kan tsadar kashi 30 cikin 100 a shekara. Riƙe naira 4,468,800 na kwana 20 zai ci masa kimanin naira 73,460, ƙasa da rangwamen da naira 17,740, don haka biya da wuri ya fi. Idan kuwa yana da tabbacin zai juya kuɗin cikin kwana 20 ya sami ribar da ta haura naira 91,200 bayan cire ɗawainiya, riƙe su ya fi. Kalmar tabbaci ce mai nauyi a nan, domin rangwamen a hannu yake, ribar kasuwa kuwa sai an sayar. Abin da lissafin ya nuna ba tare da wata tantama ba shi ne ranaku biyu ne kawai ke da ma'ana, ta goma da ta talatin. Wanda ya biya a rana ta 12 ya rasa rangwame, ya kuma ba da kwana 18 na riƙon kuɗi a banza.

Ga ɗan kasuwa Musulmi akwai wata fuska da lissafi ba ya warwarewa. Rage bashi don a gaggauta biyansa mas'ala ce da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa. Mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, ta hana, kuma hanin yana cikin littafin Risala da ake karantawa a zaure. An ruwaito halasci daga Ibn Abbas, wasu malamai kuma sun bi shi a kai. Tun da sharaɗin inbois a rubuce yake tun farkon ciniki, mai son ya kuɓutar da kansa sai ya kai wa malami ainihin takardar ya duba yadda aka ƙulla cinikin.

Ranar da ake ɗauka an biya

Saɓani mafi yawa tsakanin dila da kamfani yana tasowa ne a kan ranar biya. Dila yana kallon ranar da ya tura kuɗi ko ya rubuta cek, kamfani kuma galibi yana kallon ranar da kuɗin suka shiga asusunsa. Cek ɗin wani banki ba ya zama kuɗi a ranar da aka kai shi, sai ya bi ta hanyar tantancewa tsakanin bankuna. Tura kuɗi ta waya ya fi sauri, amma asusu yana da iyakar abin da zai fitar a rana, kuma kuɗi kan maƙale idan hanyar sadarwa ta sami matsala. Dilan da zai tura fiye da naira miliyan 4 da yammacin Juma'a, 28 ga Maris, ya bar kansa ba shi da wurin juyawa. Rana ta takwas ko ta tara ta fi dacewa, kuma a sa lambar inbois a bayanin turawa, don kada akawun kamfani ya ɗora kuɗin a kan wata tsohuwar takarda, wannan kuma ta zauna kamar ba a biya ta ba.

Ana gane an ƙi amincewa da rangwame ne daga takardar bayanin asusu da kamfani ke aikowa a ƙarshen wata. Idan aka ga ragowar bashi daidai da adadin rangwamen, a nan naira 91,200, to kamfanin ya ɗauka kuɗin sun makara, kuma shaidar banki mai ɗauke da rana da lokaci ce za ta raba gardama. Idan ragowar ƙarama ce, kamar naira 3,000 ko 6,840, to an amince da rangwamen, matsalar tana wurin adadin da aka lissafa shi a kai, kuɗin mota ko haraji.

Mai takardu da yawa zai iya barin manhajar Excel ta yi masa ƙirgen kwanaki, domin ta san tsawon kowane wata da shekarar da Fabrairu ke yin 29. Idan ranar takarda tana cikin gida `A2`, layi na farko yana ba da ranar ƙarshen rangwame, na biyu wa'adin kwana 30, na uku kuma wa'adin `net 30 EOM`:

```
=A2+10
=A2+30
=EOMONTH(A2,0)+30
```

Waɗannan layuka ba su san hutun Sallah ba, ba sa kuma tsallake Asabar da Lahadi, don haka ranar da suka fitar sai an duba ta a kalanda. Ga takardar 18 ga Maris, 2025, za su fitar da 28 ga Maris, da 17 ga Afrilu, da 30 ga Afrilu.